Ribar Takarda: Nazarin Littattafan Kamfanin Casar Shinkafa a Shekarar 2024

A ƙarshen shekarar 2024 kamfanoni da yawa a Najeriya sun rufe littattafansu da riba mai kauri, amma da aka leƙa asusun banki sai aka tarar babu kuɗin sayen kayan da za a ci gaba da aiki. Ba sata aka yi ba, kuma akantocin ba su karya wata ƙa'ida ba. Ƙa'idar ce da kanta ta ruɗe su. Lissafin da aka saba da shi yana rubuta kowace kadara a kan farashin da aka saye ta, ya bar ta a haka, sannan ya tara nairar 2019 da ta 2023 da ta 2024 wuri ɗaya kamar nauyinsu ɗaya ne.

Nauyinsu kuwa ba ɗaya ba ne. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashi ta kai kashi 21.34 cikin ɗari a Disamban 2022, kashi 28.92 a Disamban 2023, da kashi 34.80 a Disamban 2024. A tsakanin haka aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka saki naira ta nemo farashinta a watan Yuni. Dalar da take wajen naira 460 a hukumance kafin nan ta haura naira 1,500 a ƙarshen 2024.

Domin a ga yadda ruɗanin yake shiga, za mu bi littattafan kamfanin casar shinkafa guda ɗaya na matsakaicin girma, irin waɗanda ke yankin Kano. Alƙaluman kamfanin namu ne, mun tsara su ne don nazari kuma mun daidaita su don su yi sauƙin bi. Alƙaluman hauhawar farashi, na canji da na haraji kuwa na gaske ne.

Abin da littattafan suka ce

Ranar 1 ga Janairun 2024 kamfanin yana da injinan casa da ya shigo da su daga waje a Disamban 2019 kan naira miliyan 600. An ƙiyasta za su yi shekara goma, don haka duk shekara ana cire miliyan 60 a matsayin kason tsufan inji. Bayan shekara huɗu, saura miliyan 360 a littafi. A sito akwai shanshera tan 2,000 da aka saya a kakar 2023 kan naira 450,000 kowane tan, wato miliyan 900. Tsabar kuɗi da bashin da kamfanin ke bin diloli sun kai miliyan 500. Shi kuma ana bin sa miliyan 300: rancen banki miliyan 250, sauran 50 na masu kawo kaya. Idan aka haɗa aka cire, jarin masu kamfani miliyan 1,460 ne.

A cikin shekarar an sayi shanshera tan 10,000 kan miliyan 6,000, kuma an cashe tan 10,000 daidai. Saboda haka a ƙarshen shekara tan 2,000 ne a sito kamar yadda aka fara, sai dai wannan karon an saye su kan naira 700,000 kowane tan, wato miliyan 1,400. Ciniki ya kai miliyan 7,200. Gas, wuta, albashi, buhuna da sufuri sun ci miliyan 900, kuɗin ruwan banki miliyan 80.

Akanta ya bi tsarin FIFO, wanda ke ɗauka cewa kayan da suka fara shiga sito su suka fara fita. Kuɗin shansherar da aka cashe ya zama 900 a tara da 6,000 a cire 1,400, wato miliyan 5,500. Da aka cire wannan da sauran ɗawainiya da kason tsufan inji daga ciniki, riba kafin haraji ta tsaya a miliyan 660. Harajin manyan kamfanoni a shekarar kashi 30 ne, wato miliyan 198 (mun bar harajin ilimi da bambancin da ke tsakanin ribar littafi da ribar da ake yanka wa haraji, don kada hanya ta rabu biyu). Saura miliyan 462. Daraktoci suka ga dama, suka ba da shawarar a raba wa masu hannun jari miliyan 300.

Akwai gwaji na minti ɗaya da ya kamata a yi kafin a kai ga wannan shawara. Ribar miliyan 462 a kan jarin miliyan 1,460 kashi 31.6 ne cikin ɗari. Farashin kaya a ƙasa ya tashi da kashi 34.8 a shekarar. Ko da an yarda da littafin yadda yake, jarin bai yi gudun da farashi ya yi ba. Duk lokacin da ribar jari ta gaza hauhawar farashi, babu buƙatar dogon bincike kafin a san masu kamfani sun koma baya.

Gwaji na biyu shi ne bin sawun kuɗin kansu. An karɓi miliyan 7,200, an biya 6,000 da 900 da 80, abin da ya rage a hannu miliyan 220 ne kacal. Haraji zai ɗauke 198. To daga ina miliyan 300 na rabon riba za su fito? Sai dai daga kuɗin juyawa ko sabon rance.

Inda ribar ta maƙale: sito

Mafi girman ɓangaren ruɗanin yana cikin sito. Kamfanin ya fara shekara da tan 2,000, ya ƙare da tan 2,000. Ko buhu ɗaya bai ƙaru ba. Amma adadin da aka rubuta a kansu ya tashi daga miliyan 900 zuwa 1,400, kuma wannan ƙarin na miliyan 500 ya zarce kai tsaye cikin riba. Dalili kuwa shi ne an gwama cinikin da aka yi da farashin Fabrairu da Maris da kuɗin shansherar da aka saya da farashin Disamban da ya wuce.

Wannan miliyan 500 ba kuɗi ne da za a iya ci ba. Muddin kamfanin yana son injinansa su ci gaba da juyawa, dole kowane lokaci a sami tan 2,000 a ajiye. Hanya ɗaya ce ta mayar da wannan ƙari tsabar kuɗi: a sayar da shansherar a bar sito wayam, wato a daina sana'a. Abin da littafi ya kira riba a nan, kuɗin tsayawa ne a inda ake.

'Yan kasuwar Singa da Dawanau sun daɗe da sanin wannan ba tare da sun karanta akanta ba. Idan ka tambayi mai shago dalilin da ya sa ya ƙara kuɗin buhun da ya saro tun watan jiya, zai ce maka yau ba zai same shi a wancan farashin ba. Mai saye yakan ɗauki wannan a matsayin zalama, alhali yawanci kare jari ne. Kamfanoni masu ofis da kwamfuta su ne suka fi faɗawa ramin, domin tsarin sanya farashinsu yana ɗora riba ne a kan kuɗin da ke rubuce a littafi. Ɗauki tan ɗin da aka saya 450,000, a ɗora masa kashi 20, a sayar da abin da ya fita daga cikinsa 540,000. Littafi zai nuna an ci 90,000. In a ranar madadinsa ya kai 600,000, kuɗin da aka karɓa tan 0.9 kawai za su mayar. Haka sito ke ramewa a hankali yayin da rahoton wata-wata ke nuna ana samu.

Gyaran shi ne a caji abin da aka cashe a kan farashin maye gurbinsa a lokacin da aka cashe shi. Hanya mai sauƙi da akantoci ke bi ita ce a mayar da kayan farkon shekara da na ƙarshenta kan matsakaicin farashin shekarar, wanda a nan naira dubu 600 ne kowane tan, sannan a ga nawa ne daga cikin ƙarin ya fito daga farashi tsantsa:

```
gyara = (ƙarshe - farko) - matsakaici x (ƙarshe/farashin ƙarshe - farko/farashin farko)
      = (1400 - 900) - 600 x (1400/700 - 900/450)
      = 500
```

Sashen da ke cikin baka ta biyu yana auna canjin yawan kaya ne. A nan ya ba da sifiri tunda tan bai canza ba, don haka dukan miliyan 500 na farashi ne. Da a ce kamfanin ya ƙara yawan abin da yake ajiyewa, wani ɓangare na ƙarin zai zama na gaske kuma dabarar za ta ware shi. Bayan wannan gyara kaɗai, ribar miliyan 660 ta koma 160.

Wani zai ce a koma tsarin LIFO mana, wanda ke ɗauka kayan da suka shigo a ƙarshe su suka fara fita, tunda yana kusantar da kuɗin kaya ga farashin yau. A Amurka ana amfani da shi. Amma ƙa'idar akanta ta duniya mai kula da kayan sito, IAS 2, ta haramta shi tun gyaran da aka yi mata a 2003, kuma kamfanonin Najeriya sun fara komawa waɗannan ƙa'idoji na duniya, wato IFRS, daga 2012. Ga rahoton hukuma zaɓi biyu ne: FIFO ko matsakaicin farashi. Na biyun yana ɗan rage kumburin riba, ba ya kawar da shi. Ko ba don haramcin ba, LIFO yana gyara lissafin riba ne ya lalata takardar kadara, domin yakan bar sito a rubuce da farashin shekarun baya.

Injinan da aka rubuta da nairar 2019

Kason tsufa manufarsa a caji kowace shekara da abin da ta cinye daga rayuwar inji. A Disamban 2019 dala tana wajen naira 360 a kasuwar masu zuba jari da masu fitar da kaya. A ƙarshen 2024 ta kai wajen 1,530, ninki huɗu da kwata. Ko da a ce farashin injin a dala bai motsa ba, wanda aka saya miliyan 600 a ƙarshen 2024 sai an biya miliyan 2,550. Kashi ɗaya cikin goma na wannan miliyan 255 ne. Littafi ya cire 60. Giɓin miliyan 195 shi ma ya tafi cikin riba, an biya masa haraji, ana shirin raba shi.

Cire 195 daga 160 da ta rage, sai a sami asarar miliyan 35. Kamfanin da ya sanar da ribar miliyan 660 bai ma samar da abin da zai riƙe girmansa ba.

Akwai wani rami a nan da ko masu yin gyara sukan tsallake. Gyara kason bana ba ya cike giɓin shekarun baya. Injinan sun ci rabin rayuwarsu, don haka a farashin yau abin da ya tsufa ya kai miliyan 1,275. Abin da aka tara a littafi cikin shekara biyar miliyan 300 ne. Tazarar miliyan 975 ce, kuma duk shekarar da naira ta sake faɗuwa tazarar tana ƙaruwa har a kan shekarun da aka riga aka rufe. Wannan ne ya sa masana'antu da dama ke wayar gari da tsohon inji da babu halin sauya shi, bayan shekaru ana rabon riba.

Ƙa'idar IAS 16 ta ba da mafita ta halal a nan: kamfani yana iya zaɓar sake kimanta kadarorinsa. Sai dai zaɓin yana da sharuɗɗa. Dole a kimanta dukan rukunin, ba a tsinci injin da ya yi daraja a bar sauran ba. Dole a riƙa maimaitawa yadda adadin littafi ba zai yi nisa da darajar kasuwa ba, wanda a irin wannan yanayi kusan kowace shekara ke nan, da kuɗin mai kimantawa. Ƙarin darajar ba ya shiga riba, ana ajiye shi ne a wani asusu na daban cikin jari. Kason tsufa kuma zai tashi, ribar da ake sanarwa ta sauka, abin da daraktoci da yawa ba sa so su gani. Haraji kuwa ba zai ragu ba, domin rangwamen da hukumar haraji ke bayarwa a kan injina ana lissafa shi ne a kan kuɗin da aka kashe wajen saye.

Kuɗi da bashi

Ɓangare na uku ba ya bayyana ko kaɗan a lissafin gargajiya. Tsabar kuɗi da bashin da ake bin mutane a tsaye suke kan adadin naira. Dilan da ya karɓi shinkafar miliyan 100 bashi zai dawo da miliyan 100 ne, ko bayan wata nawa. A shekarar da farashi ya tashi da kashi 34.8, naira tana rasa kusan kashi biyu da rabi na ƙarfinta a kowane wata. Bashin kwana 60 ragi ne na kusan kashi 5 da kamfanin ya yi wa dila ba tare da ya sani ba. Ga sana'ar da ribarta ta gaskiya ba ta kai haka ba, wannan kaɗai ya isa ya cinye ta.

Wanda ake bi kuwa shi ke samu. Rancen miliyan 250 da kamfanin ya biya wa ruwan miliyan 80 ya yi kama da kaya mai nauyi, kashi 32 cikin ɗari. Amma nauyin uwar kuɗin ya ragu da kusan miliyan 87 a ma'aunin nairar ƙarshen shekara. Littafi ya nuna kuɗin ruwan gaba ɗaya, ya ɓoye sassaucin. Wannan ba kira ba ne a ci bashi: ruwan ana biyan sa da tsabar kuɗi duk wata, sassaucin kuwa ba ya shiga aljihu sai ranar biyan uwar kuɗi, kuma rancen da ke cikin dala akasin haka yake yi. Abin lura shi ne a duba bambancin ɓangarorin biyu. Kamfaninmu yana riƙe da miliyan 500 ana bin sa 300, don haka miliyan 200 ne a fili rana na dukansu.

Sake rubuta shekarar da naira iri ɗaya

Gyare-gyaren da suka gabata sun yi amfani da farashin kayan kamfanin kansa, wato shanshera da dala. Akwai hanya ta biyu, wadda ƙa'idar IAS 29 ta tsara tun 1989 don ƙasashen da hauhawar farashi ta wuce misali. Ita ba ruwanta da farashin shanshera. Ma'aunin farashin kayan masarufi na ƙasa take ɗauka, ta mayar da kowane adadi zuwa nairar ranar rufe littafi.

Idan muka sa ma'aunin Disamban 2023 ya zama 100, na Disamban 2024 zai zama kusan 135, matsakaicin shekarar kusan 116, na Disamban 2019 kuma kusan 48. Aikin yana tafiya ne kamar haka. Da farko a raba takardar kadara gida biyu: abubuwan da ke tsaye kan adadin naira, da waɗanda ba haka ba, irin su inji, gini da kayan sito. Na farkon ba a taɓa su a ƙarshen shekara, domin tuni suna cikin nairar ranar. Na biyun kowanne a ninka shi da ma'aunin yau a raba da ma'aunin ranar da aka saye shi. Ciniki da ɗawainiya a ɗaga su daga lokacin da suka faru. Daga ƙarshe a lissafa asara ko riba a kan kuɗi da bashi, a saka ta cikin sakamakon shekara.

| Naira miliyan | Littafin gargajiya | Nairar Disamba 2024 |
|---|---|---|
| Ciniki | 7,200 | 8,379 |
| Shansherar da aka cashe | 5,500 | 6,798 |
| Sauran ɗawainiya da ruwan banki | 980 | 1,140 |
| Kason tsufan inji | 60 | 169 |
| Asara kan kuɗi da bashi | babu | 106 |
| Riba kafin haraji | 660 | 166 |
| Haraji | 198 | 198 |
| Sakamako | 462 | asarar 32 |

Asarar miliyan 106 ta fito ne daga wuri biyu: miliyan 70 a kan 200 da aka fara shekara da su, da miliyan 36 a kan 220 da suka taru a hankali cikin shekarar. Akwai hanyar tabbatar da cewa ba a yi kuskure ba, kuma bai kamata a tsallake ta ba. A ɗaga jarin farkon shekara zuwa nairar Disamban 2024, zai ba da miliyan 2,498. A lissafa na ƙarshen shekara a kan ma'auni ɗaya, zai ba da 2,466. Bambancin 32 ne, daidai da layin ƙarshe na jadawalin. In alƙaluman biyu ba su haɗu ba, galibi an saka wani abu a gidan da ba nasa ba. Kuɗin kafin alƙalami da aka bai wa manoma ko dillalai don su kawo shanshera su aka fi yi wa wannan kuskure: in kaya za a karɓa, ba kuɗi ba, to ba sa cikin masu tsayawa kan adadin naira.

Dubi layin haraji da kyau. Miliyan 198 a kan ribar miliyan 166 ya haura kashi 119 cikin ɗari. Gwamnati ta karɓi dukan ribar gaskiya ta ɗora da yankin jari. In aka raba miliyan 300 a kan haka, jarin zai sauka zuwa 2,166, ƙasa da inda ya fara da kusan kashi 13, kuma masu hannun jari za su tafi gida da kuɗinsu na asali suna zaton riba suka karɓa.

Me ya sa hanya ta farko ta ba da asarar 35 tun kafin a taɓa kuɗi da bashi, ta biyu kuma ta ba da ribar 166? Tambayoyinsu ne suka bambanta. Ta biyu tana tambaya ko dukiyar masu kamfani za ta sayi abin da take saya a da a kasuwa gaba ɗaya. Ta farko tana tambaya ko kamfanin zai iya ci gaba da casar tan 10,000 a shekara. Shanshera ta tashi da kusan kashi 56 yayin da ma'aunin ƙasa ya tashi da 35, dala ta ninka huɗu da kwata yayin da ma'aunin ya ninka ƙasa da uku. A ganinmu, ga mai yanke shawarar farashi da rabon riba a masana'antar da injinanta daga waje suke, hanya ta farko ce ta fi faɗin gaskiyar da yake buƙata. Rauninta shi ne tana dogara da ƙiyasi: wane inji ne madadin na 2019 in samfurin ya sauya, kuma farashin wace kasuwa za a ɗauka? Ta biyu ta fi sauƙin tantancewa ga mai binciken littafi, shi ya sa masu tsara ƙa'ida suka zaɓe ta. Birtaniya ta gwada tilasta hanya ta farko da ƙa'idar SSAP 16 a 1980, bayan rahoton kwamitin Sandilands na 1975, amma da hauhawar farashi ta lafa kamfanoni suka yi watsi da ita har aka janye ta.

Me ya sa rahoton hukuma bai nuna wannan ba

IAS 29 ba a amfani da ita don kamfani ya ga dama. Sai an yi ittifaƙi cewa tattalin arzikin ƙasar ya shiga matsananciyar hauhawa, kamar yadda aka yi wa Ajantina daga 2018 da Turkiyya daga 2022. Alamar da aka fi sani ita ce jimillar hauhawar shekara uku ta kusanci ko ta wuce kashi 100. Idan aka ninka alƙaluman Najeriya na 2022, 2023 da 2024, ana samun kusan kashi 111. Amma ƙa'idar ta lissafa wasu alamomi huɗu: ko jama'a sun fi son ajiye dukiya a kadara ko kuɗin waje, ko ana faɗin farashi da kuɗin waje, ko cinikin bashi yana ɗauke da ƙarin da zai rama faɗuwar kuɗi, da ko albashi da ruwan banki suna ɗaure da ma'aunin farashi. A Janairun 2025 hukumar FRC mai kula da rahoton kuɗi a Najeriya ta bayyana matsayinta cewa ba za a yi amfani da IAS 29 a rahotannin 2024 ba.

Ma'anar wannan ga kamfaninmu ita ce rahoton da oditoci za su sa wa hannu zai ci gaba da nuna 660. Gyaran zai zauna ne a lissafin cikin gida da ake kai wa daraktoci, kuma babu dokar da ta hana hakan. Abin da ake buƙata bai fi shafi biyu ba a kowane wata: ribar da aka lissafa a kan farashin maye gurbi, da yawan kayan sito a tan maimakon naira. Farashin sayarwa ya tashi daga farashin shanshera na makon. Iyakar abin da za a raba ta fito daga ribar da aka gyara, sauran a bar shi a jari da sunan ajiyar maye gurbi. Kwanakin bashin diloli kuma a rage su, ko a bambanta farashin hannu da na bashi.

Wurin da wannan lissafi ya fi karkacewa a aikace shi ne matsakaicin shekara. Mun ɗauka saye da sayarwa sun bazu daidai cikin wata goma sha biyu. Kamfanin casa ba haka yake ba: yana zuba kuɗi ne a kakar damina daga Nuwamba, sannan a girbin rani, yayin da sayarwa ke tashi gabanin azumi da ƙarshen shekara. Wanda ya ɗora 116 a kan komai zai iya kuskure da miliyoyi masu yawa. A yi amfani da ma'aunin kowane wata, kuma rajistar kadara ta nuna watan da aka sayi kowane inji, domin in babu ranar saye babu abin da za a ninka.

Sai a kula da ma'aunin kansa. A farkon 2025 Hukumar Ƙididdiga ta sauya shekarar tushe daga 2009 zuwa 2024, ta kuma sauya nauyin kayan da ke cikin kwandon da ake auna farashi da shi, har adadin Janairun 2025 ya fito kashi 24.48 bayan 34.80 na watan da ya gabace shi. Farashi bai sauka a wata ɗaya ba, sandar awon ce aka canza. Duk wanda zai ɗaga injin 2019 zuwa nairar 2025 dole ya ƙulla tsohon jeri da sabo a watan da suka haɗu, ya ninka kason farko da na biyu. Raba adadin sabon jeri da na tsohon kai tsaye zai ba da lambar da ba ta da ma'ana.

Gyaran kuma yana aiki ta ɓangare biyu. Ranar da farashin shanshera ya juyo ƙasa, FIFO zai caji ciniki da tsohon kaya mai tsada, riba ta yi kamar ta fi yadda take muni. A lokacin IAS 2 za ta tilasta a sauke tan 2,000 ɗin da aka rubuta a 700,000 zuwa abin da za a iya samu daga gare su, in shinkafar da za ta fito daga cikinsu ba za ta mayar da kuɗinta ba. Ko a rahoton da aka ɗaga da ma'auni wannan iyaka tana nan: ba a barin inji ko kayan sito a kan adadin da ya wuce abin da za su iya dawowa da shi.